Takarda ga malaman zane: yadda za mu ba littafin zanen ɗalibai maki a wannan zango

Assalamu alaikum, malamai abokan aiki.

Wannan shi ne abin da muka tsayar a zaman sashe game da littafin zane na 'yan aji ɗaya da aji biyu na babbar sakandare. Ina roƙon kowa ya karanta kafin mako na 4, domin a lokacin za mu fara karɓar littattafan.

Littafin zane yana da maki 30. Kammalallen aiki, wato zane biyu da ɗalibi ya zaɓa da kansa ya ce ya gama, zai ɗauki maki 9. Sauran 21 na hanyar da ya bi ne kafin ya kai can: maki 7 na kallo da ido, 8 na gwaji, 6 na bayanin da ya yi kan aikinsa. Na san wasunmu suna ganin an rage wa zane mai kyau daraja. Ba a rage ba, har yanzu shi ne kaso mafi tsoka. Amma idan muka bar maki duka a kansa, yaron da ya zo da baiwarsa daga gida zai ci gaba da kwashe komai ba tare da ya koyi sabon abu ba, wanda yake ta fama kuma ya karaya tun mako na uku.

Kallo da ido yana nufin ɗalibi ya zauna gaban abu ya zana shi. Jigonmu na bana "Gari da sana'a" ne, kuma Kano ba ta rasa abin kallo. Ga dutsen Dala daga soron gida, ga ragowar badala, ga zayyanar bangon Gidan Makama, ga masu dukanci da masu sayar da ƙwarya a kasuwar Kurmi. Wanda ba a barinsa ya fita nesa, musamman 'yan mata, ya zana turmi, buta, murhu, ko aska takwas ta rigar babansa, makinsa ɗaya da na wanda ya je Kurmi. Abin da muke nema shi ne alamar ya duba: layukan aune, gyaran da ya yi wa bakin buta har sau uku, inuwar da ta sauya saboda rana ta karkata. Zanen da aka kwafo daga hoton waya ba haramun ba ne, amma a rubuta a gefe cewa daga hoto ne, kuma ba ya cin makin kallo.

A kan gwaji nake so mu tsaya sosai, don nan ne muka fi saɓani. Gwaji shi ne ɗalibi ya tambayi kansa "idan na yi kaza fa?" ya yi, ya ga abin da ya fito. Ɗauki misalin yarinyar da ba ta da fenti, ta jiƙa zoɓo ta shafa a takarda, ta ga jan ya dusashe bayan ya bushe, ta ɗiga ruwan kanwa a gefe ɗaya launin ya juya ya bar ja gaba ɗaya. Sai ta gwada lalle, ta gwada jar ƙasa, ta goga gawayi a kai. Shafin zai fito kaca-kaca, takardar ta kumbura. Wannan shafi ya cancanci maki 7 ko 8. Na yaron da ya zana dagin Arewa sau shida da fensir iri ɗaya, girma ɗaya, tsaf-tsaf, bai wuce 3 ba, ko da kuwa ya fi daɗin kallo. Shi ma idan ya gwada HB da 6B ya ga bambancin duhunsu, ko ya karya dagin ya sake haɗa shi, makinsa zai tashi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata ya ga yadda ƙyalle ke fitowa daga ramin baba da kore-kore, sai ya sha iska ya koma shuɗi, a sake tsomawa, a sake fitarwa, har launin ya kama. Haka shafukan farko na littafin yaro suke. Kada mu yanke musu hukunci da fitowar farko.

Saboda haka ba a yaga shafi. A mako na farko kowane ɗalibi ya sa wa shafukansa lamba daga farko zuwa ƙarshe, kuma duk ranar da ya yi aiki ya rubuta kwanan wata a kusurwa. Zanen da ya lalace a bar shi. Mu ma mu daina jan biro a kan zanen yara. Sharhinmu ya tafi shafin ƙarshe, ko a ƙaramar takarda da za a maƙala.

Bayanin ɗalibi layi biyu ko uku ne a ƙarƙashin aiki. "Zanena ya yi kyau" ba bayani ba ne. "Ƙofar ta fito a karkace saboda na fara da ado kafin in tsayar da ginshiƙai, gobe zan fara da ginshiƙan" ya isa cikakken maki, idan muka juya shafi muka ga ya aikata abin da ya faɗa. Ya rubuta da Turanci, ko Hausar boko, ko ajami, duk ɗaya ne, kuma ba ma rage maki don kuskuren rubutu. Wanda rubutu ke masa wuya, malami ya zauna da shi minti biyar ya tambaye shi da baki: me ka so ka yi a nan, ina ya ba ka wahala, me za ka sauya? Malami ya rubuta amsar a taƙaice ya sa hannu. Wannan hirar ita ce kuma take warware zargin cewa yaya ne ya zana wa ƙane. Wanda ya yi aiki da hannunsa ya san inda ya maƙale. Kada a tuhumi yaro a gaban aji.

Akwai abubuwa biyu da suke shiga makinmu ba mu sani ba. Na farko kuɗi ne. Littafi mai kauri da kwalin fenti suna ɗaukar ido, amma wanda ya ɗinke fararen takardu da zare ya sa musu bangon kwali littafinsa cikakke ne. Na biyu, akwai ɗaliban da ba sa zana mai rai, ko dai bisa fahimtarsu ta addini ko umarnin gida. Ba za a rage musu komai ba. Gini, tsiro, kayan aiki da zayyana irin ta allo sun ishe su nuna duk abin da muke aunawa.

Za mu karɓi littattafai sau uku, a mako na 4, na 8 da na 11. Karɓar farko da ta biyu ba maki, sharhi kawai: abu ɗaya da ya yi daidai, da abu ɗaya da zai gwada a gaba. Maki sai a ta uku, kuma a lokacin a buɗe daga shafin farko a bi har ƙarshe, kada a fara da zanen da aka gama. Wanda rashin lafiya ko wata larura ta gida ta hana shi zuwa, a auna abin da ya yi a makonnin da ya halarta.

Kafin kowa ya fara ba da maki, mu ukun za mu zauna da littattafai tara, uku daga kowane malami: mai ƙarfi, matsakaici da mai rauni. A rufe sunayen da takarda. Kowa ya ba da makinsa shi kaɗai, sannan mu kwatanta. Inda bambanci ya wuce maki 3, sai mu buɗe littafin tare, kowa ya nuna shafin da ya dogara da shi, har mu daidaita. Ɗalibin da bai gamsu da makinsa ba yana da damar neman wani malamin ya sake dubawa cikin mako guda, kuma ba za a ɗauke shi mai rashin kunya ba.

A karanta wa kowane aji rabon makin nan da Hausa, a manna kwafi a bangon ɗakin zane. Zaman daidaita maki ranar Laraba ce ta mako na 11, bayan sallar azahar, a ɗakin zane. Kowa ya zo da littattafansa uku.

Na gode, Allah ya taimake mu.

Shugabar sashen zane da fasaha