Yadda Za Ku Tsara Amsar Tambaya a Kan Dalilan Juyin Juya Halin Masana'antu

Ga 'yan ajin tarihi masu shirin gwajin ranar Alhamis. Tambayar da za ku gani mai maki 20 ce, a kan salon jarrabawar Cambridge ta matakin AS, kuma ga fassararta: "Yalwar kwal ce babban dalilin da ya sa juyin juya halin masana'antu ya fara a Birtaniya. Har zuwa ina ka yarda da wannan ra'ayi?" Minti 35 kuke da shi: biyar na tsarawa, ashirin da bakwai na rubutu, uku na dubawa.

Ku fara sanin abin da ke gaban mai ba da maki. Ba ƙirga yawan abin da kuka haddace yake yi ba. Matakai biyar gare shi, kowanne da maki huɗu, yana karanta amsa gaba ɗaya sannan ya ajiye ta a matakin da ta dace da shi. Wanda ya ba da labari kawai yana ƙasa, bai wuce maki 8 ba. Wanda ya fara auna dalilai amma hujjarsa ba ta yi kauri ba, ko ya karkata gefe ɗaya, yana tsakanin 9 da 12. Wanda ya auna ɓangarorin biyu da hujjoji yana 13 zuwa 16. Matakin ƙoli, 17 zuwa 20, na wanda ya yanke hukunci ne, ya riƙe shi tun daga layin farko har na ƙarshe. Yawancinku a mataki na uku kuke maƙalewa, alhali kuna da sanin da zai kai ku na biyar, kuma wannan yana damuna ƙwarai.

A minti biyar na farko, ku ja layi ƙarƙashin "babban dalili" da "a Birtaniya". Na farko yana nufin dole ku jera dalilai bisa nauyinsu. Na biyu yana nufin ku nuna abin da ya bambanta Birtaniya da maƙwabtanta. Sai ku rubuta hukuncinku a gefen takarda cikin jimla ɗaya kafin ku taɓa gabatarwa. Wanda bai san inda ya dosa ba tun farko, rubutunsa zai nuna.

Gabatarwa kada ta wuce jimla uku. Misali: "Kwal ce ta ba masana'antun Birtaniya damar ci gaba da bunƙasa, amma ba ita ta tayar da su ba. Kasuwar yadin auduga da jarin kasuwancin ƙetare su suka sa aka nemi injina. Saboda haka na yarda da ra'ayin a kan shekarun bayan 1800 fiye da na kafin nan." Ba a ba da maki don bayyana ma'anar juyin juya hali.

Sakin layi na farko na dalilin da tambaya ta ambata ne, wato kwal, kuma ku ba shi haƙƙinsa ko da ba ku yarda da shi ba. Ga yadda mai neman maki 6 yake rubutawa: "A 1709 Abraham Darby ya narka ƙarfe da gasasshiyar kwal. A 1712 Newcomen ya ƙera injin tururi. A 1769 Watt ya inganta shi." Duk gaskiya ne, amma jerin shekaru ne kawai. Ga na mai neman 17: "Injin Newcomen na 1712 yana cin kwal da yawa, don haka ya fi riba a bakin ramin haƙar kwal, inda makamashi yake da arha, yana zuƙe ruwa don a ƙara zurfi. Ƙasar da kwal ke tsada ba za ta jure wa irin wannan inji har a inganta shi ba. Holan tana da jari da jiragen kasuwanci, amma ba ta da kwal irin ta Birtaniya, kuma ba ita ta fara ba." Bambancin yana cikin "don haka" da kwatancin Holan. Duk shekarar da kuka rubuta, ku tambayi kanku: to sai me ya biyo baya? Amsar ita ce makin.

Sai ku juya ku gwada ƙarfin dalilin. Nan ne mafi daɗin wannan tambaya. Masana'antar kaɗin zare da Arkwright ya buɗe a Cromford a 1771 da ƙarfin ruwa take aiki. Na'urar kaɗi ta Hargreaves da hannu ake juya ta. Kwal kuwa ta daɗe a ƙarƙashin ƙasar Birtaniya, ana ma ƙona ta a gidajen Landan tun kafin ƙarni na 18. To me ya sa sai a lokacin? Wannan tambayar ita ce gadarku zuwa sauran dalilai.

Ku zaɓi biyu ko uku, kada ku kwaso shida. Mafi ƙarfi shi ne kasuwa da jari. Yadin auduga na Indiya ya samu karɓuwa har majalisa ta yi dokokin taƙaita shi a 1700 da 1721, abin da ya ba masaƙan Lancashire fili su kwaikwaye shi. Ana kai yadi gaɓar Afirka ta Yamma a musanya da bayi, ɗanyar audugar kuma tana fitowa daga gonakin da bayi ke nomawa a Karibiyan, daga baya jihohin kudancin ƙasar Amurka, ta sauka a Liverpool. Eric Williams ya yi hujja a 1944 cewa ribar bauta ta taimaka wajen samar da jarin masana'antu, wasu masana kuma suna ganin kasonta bai kai haka ba. Ku ambace shi in zai yi muku aiki, amma suna kaɗai ba ya kawo maki.

Noma da yawan jama'a suna iya shiga sakin layi ɗaya: killace gonaki da juya shuka sun ƙara abinci, mutanen Ingila da Wales suka tashi daga kusan miliyan 6 a 1750 zuwa kusan miliyan 9 a ƙidayar 1801, aka samu ma'aikata da masu saye. Ku yi hattara da cewa killace gonaki ta kori manoma duka zuwa birni nan take. Magana ce da masana suka daɗe suna ja da ita.

Abin da ke ɗaga amsa daga 16 zuwa 17 shi ne ɗaura dalilai da juna. Hanyar ruwa ta Bridgewater misali ce mai kyau: an haƙa ta da jari, aka buɗe ta a 1761, farashin kwal a Manchester ya faɗi da kusan rabi. Kun ga kwal ba ta yi arha da kanta ba, sai da kuɗi da sufuri suka kai ta inda ake buƙatarta. Jimla ɗaya irin wannan a ƙarshen kowane sakin layi, mai komawa ga kalmomin tambaya, ta fi shafi guda na ƙarin bayani.

Kammalawa ba maimaici ba ce, kuma "dukansu suna da muhimmanci" ba hukunci ba ne. Ku faɗi wanda ya fi nauyi da ma'aunin da kuka auna: wanne ya riga wanne, wanne ne in babu shi sauran ba za su isa ba. In wani ya ga kwal ce kan gaba, zai iya samun 20, muddin ya amsa batun Cromford. Sabuwar hujja ba ta shiga nan.

Kurakurai biyu na ƙarshe. Jirgin ƙasan Liverpool zuwa Manchester na 1830 ne, ya faɗaɗa abin da ya riga ya fara, kada ku sa shi cikin dalilan farawa. Wahalar yara a masana'antu kuma sakamako ne, komai kyawun bayaninku ba a tambaye ku shi ba. Kafin Alhamis kowa ya kawo mini hukuncinsa cikin jimla ɗaya da sakin layinsa na kwal, in duba su da jan biro.