Barkanmu da Safiyar Juma'a

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Jama'a masu sauraro, barkanmu da asuba, barkanmu da hantsi tun kafin ya dubi ludayi. Ƙarfe 6:30 daidai agogon ɗakin watsa shirye-shiryenmu ya nuna, a nan birnin Kano, ta Dabo tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka. Yau Juma'a ce, Juma'atu babbar rana. Kun kama tashar taku, kuma mai gaishe ku kullum war haka shi ne dai ya sake zama a gaban makirfo. Ina kwananku? Ina gajiya? Ya iyali, ya kuma wannan sanyi? To madalla. Godiya ta tabbata ga Allah da ya tashe mu cikin masu rai, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallam.

Hunturu dai ya sauka da kayansa gaba ɗaya. Da na fito daga gida ɗazu na ɗaga kai wajen Dala, wallahi ban ga dutsen ba, hazo ya lulluɓe shi kamar an yafa masa farin mayafi. Fitilun titi sun zama ja-ja, iska kuma tana shiga har ƙashi. Wanda ke cikin bargo yanzu yana jina, ban ga laifinsa ba. Sai dai gaisuwata ta farko ba tasa ba ce, ta waɗanda suka riga kowa tashi ce.

Iya mai ƙosai, ina kwana. Na wuce ta wajenki a bakin titi, kusa da Ƙofar Nasarawa, ana fitowa daga sallar asuba. Na ga kin naɗe kanki da zani biyu, hannu ɗaya na juya ƙullu, ɗaya na gyara itace, man yana ta ƙara a kasko. Na kuma ga ɗan almajirin da ya tsuguna gefen murhunki yana jin ɗumi, robarsa a hammata, ba takalmi a ƙafarsa. Ba ki kore shi ba. Na ga kin tsamo guda biyu masu zafi kin miƙa masa tun ba ki yi cinikin fari ba. Ban san sunanki ba, Iya, amma na san ƙaramar rediyon da ke rataye jikin bencinki, in Allah ya sa tashar nan ta kama, to ki ji da kunnenki: Allah ya yi wa wannan kasko albarka, ya sa ki sayar tas kafin hantsi.

Masu shayi, barkanku da hayaƙi. Masu koko da kunun tsamiya, masu waina, masu ɗanwake da ke jiran ruwa ya tafasa, sannunku. 'Yan garuwa da kuka turo kura tun duhu, hannu ya sandare a kan ƙarfe, Allah ya ba da lada. Ladanai da limamai da suka tashe mu, Allah ya saka da alheri. Malaman tsangaya, Allah ya gafarta Malam, a taimaka a duba mana yaran nan da daddare, a ga wa ke da abin rufa, wa ba shi da shi.

Ina gaida iyayenmu mata da ke bakin murhu, ana ɗora ruwan wankan 'yan makaranta, ana ɗumama tuwon jiya. Hajiya, sannu da aiki. Na san akwai wanda ya ɓoye a bayan ƙofa yana cewa shi yau ba zai yi wanka ba. Ɗan autan Hajiya, fito, ruwan da ɗumi, kuma yau Juma'a ce da wuri za a tashi daga makaranta. A shafa musu mai sosai, har dugadugai da leɓe, kada kaushi da faso su kama su.

Ma'aikatan jinya da likitocin da suka kwana a tsaye a Asibitin Murtala, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Ƙashi na Dala, da asibitin yara na Hasiya Bayero, sauran ƙiris ku miƙa aiki. Marasa lafiya da ke kwance, rediyo a gefen matashi, Allah ya sa kaffara ne, ya tashi kafaɗunku. Masu jinya da suka kwana a kan tabarma a baranda cikin wannan iska, ku ma ban manta da ku ba, Allah ya ba ku ladan haƙuri. 'Yan'uwanmu da ke tsare a Kurmawa da Goron Dutse, muna gaishe ku, Allah ya kawo mafita.

Sai 'yan kasuwa. Kurmi uwar kasuwanni, ina kwana. Kantin Kwari, masu atamfa da shadda da leshi, Alhaji Allah ya kawo kasuwa. Singa, Sabon Gari, Wambai, Ƙofar Ruwa masu kayan gini, Dawanau da ake sauke buhunan gero da wake da riɗi, 'Yankaba masu kayan gwari, 'Yan Lemo da ke Na'ibawa, duk ina miƙa gaisuwa. Masu rini na Ƙofar Mata, hannu a cikin baba da wannan sanyi, sai dai mu ce sannu. Yau kuma kasuwar Wudil ke ci, na san tun jiya motocin shanu ke kan hanya, wasu ma daga Maigatari suka wuto bayan sun ci tata kasuwar ta Alhamis. Dillalai, a faɗi gaskiya a kan dabba, Allah ya sa a sayar da alheri a saya da alheri.

Manoman rani na Kadawa, Kura, Garun Malam da Bunkure, ku kam wannan sanyi naku ne. Alkama na son sa, tumatir ma haka. Ruwan Tiga na gudu a kwalbati, kuna tsaye a cikinsa har idon sawu tun rana ba ta fito ba, don mu da ke birni mu ga ja a miya. Allah ya tsare muku amfanin nan daga tsutsa, ya sa kwando ya yi daraja.

Direbobin Unguwa Uku da na Tashar Kuka, masu shirin ɗaukar hanyar Zariya, Katsina, Haɗeja ko Maiduguri, don girman Allah ku ji wannan. Hazon yau mai kauri ne. A kunna fitila ko da gari ya waye, a rage gudu, kada a wuce mota a inda ido bai kai ba. Gilashi in ya yi ƙura a tsaya a goge shi. 'Yan adaidaita sahu, ƙannena, yara na tsallaka titi da hular sanyi ta rufe musu kunne, ba lalle su ji hon ba. A bi su a hankali.

Yanzu ku matso kusa da rediyo, akwai maganar da ta hana ni barci jiya, kuma ita ce dalilin da na roƙi a ƙara mini minti biyu kafin labarai.

Shekaranjiya a unguwarmu, wani maƙwabcina, magidanci mai 'ya'ya uku, ya ga sanyi ya yi yawa sai ya hura gawayi a kasko ya shigar ɗaki, ya rufe ƙofa da taga, har ya toshe ƙasan ƙofar da tsumma don kada iska ta shiga. Tausayin yaransa ne ya sa shi, ba wani abu ba. Da asuba ba a gan shi a masallaci ba, mutumin da ba ya rasa sahun farko. Aka buga ƙofa shiru, sai da aka ɓalle ta. Da hannuna na ɗauko ƙaramar, jikinta ya saki kamar tsumma, ɗankwalin uwarta na naɗe a hannunta. Allah ya yi da sauran kwana, aka fito da su iska, aka garzaya asibiti, yanzu duk sun farfaɗo, sai ciwon kai da jiri. Amma da an ƙara awa guda, da yau wata sanarwar nake karanta muku.

Jama'a, garwashi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Ba hayaƙin da ido ke gani ba ne. Ko gawayin ya ruru ya yi ja, hayaƙi ya ɗauke, gubar tana nan tana fita. Mai barci ba ya jin komai, jiki ne kawai zai mutu, ya kasa ko ɗaga hannu. Haka hayaƙin janareta yake in an ajiye shi a soro ko a lungun da ba iska. In za a ji ɗumi, a ji a tsakar gida, a kashe wutar da ruwa kafin a kwanta. Wanda ya tashi da ciwon kai da jiri da tashin zuciya a ɗakin da aka kwana da garwashi, a buɗe ƙofa da taga, a fito da kowa waje, a tafi asibiti, kada a tsaya jiƙa-jiƙa.

Ga kuma gobara. Komai ya bushe, iska na kaɗawa, tartsatsi ɗaya ya isa. Mutanen Sabon Gari ba su manta da abin da wuta ta yi musu a 2016 ba, mu ma ba mu manta ba. Wanda ya jona hita a bokiti, ya tsaya a kanta har ruwan ya yi zafi ya cire. In an ɗauke wuta, a bi soket a kashe, don ba a san lokacin da za a dawo da ita ba. Mai shago, kafin ka sa kwaɗo ka tafi masallaci anjima, ka waiwaya sau ɗaya. 'Yan kwana-kwana, muna gaishe ku, Allah ya sa yau ku wuni a zaune.

To, masu sauraronmu na nesa da ke kama mu ta waya, ba a bar ku a baya ba. Damagaram da Maraɗi, agogonmu ɗaya, hazonmu ɗaya, ina kwananku. Abokan wasanmu Zagezagi, a fito daga bargo haka nan. Mutanen Zangon Kumasi da Nima a Ankara, ku yanzu ƙarfe 5:30 ne a wajenku, Allah ya karɓi ibada. Garwa da Injamena, barkanku da asuba. 'Yan'uwa na Sudan, Allah ya zaunar da ƙasarku lafiya. Mazauna Makka da Madina, rana ta riga ta ɗaga a wajenku, a sa mu a addu'a a wannan rana mai albarka.

Ga abin da muka tanadar muku daga yanzu zuwa ƙarfe 9:00. Bayan labarai, wakilinmu zai kira mu daga 'Yankaba da farashin tumatir da attaruhu da albasa. Ƙarfe 7:30 wani jami'in kashe gobara zai zauna da mu a nan, tare da wata ma'aikaciyar jinya da za ta yi bayani kan tari da mura da asma a wannan yanayi, musamman ga jarirai da tsofaffi. Daga nan za mu buɗe layi, sai sanarwar ɗaurin aure da suna da cigiya. Mai kira ya rage ƙarar rediyonsa, ya yi sallama, ya faɗi unguwarsu, ya taƙaita don wani ma ya samu.

Injiniyanmu ya ɗaga mini hannu ta bayan gilashi, abokiyar aikina kuma ta shigo da takardun labarai, hannunta cikin safa. Malama, ina kwana, ya sanyi? Bismillah, ga makirfo, jama'a na sauraronki.