Ƙa'idojin Gasa da Jawabin Kiyaye Lafiya: Gasar Ƙwallon Ƙafa ta 'Yan Ƙasa da Shekara 13

'Yan wasa, masu horarwa da iyaye, barkanku da zuwa. A saurara da kyau, don ba za mu maimaita ba bayan an busa usur.

Ƙungiyoyi 8 ne, yau Asabar da gobe Lahadi. Kowane wasa minti 25 ne sau biyu, da hutun minti 10 a tsakani. A kawo takardar haihuwar kowane yaro teburin rajista kafin ƙarfe 8:30. Ƙungiyar da ta sa wanda ya haura shekaru ta fita daga gasar, babu roƙo.

Yara, ba mai shiga fili sai da kariyar ƙwauri, safa ta rufe ta. Zobe, sarƙa, agogo da ɗan kunne duk a cire. Naɗe su da filasta ba ya wadatarwa. Kada wanda ya yi lilo a jikin ƙarfen raga. Mun kafe su, amma ƙarfe ne mai nauyi, in ya kifo kan yaro ba ƙaramin abu ba ne.

Hukuncin alƙalin wasa shi ne na ƙarshe. Kyaftin kaɗai zai yi masa magana, cikin ladabi. Jan kati na hana buga wasa na gaba. Faɗa kuwa, sallama ce daga gasar.

Iyaye, ku tsaya bayan igiya. Gaskiya, rigimar irin wannan gasa ta fi tasowa daga manya. Ku tafa wa kowane yaro, ku bar wa koci ba da umarni. Wanda ya zagi alƙali ko ɗan wani, za a tsayar da wasa har ya bar filin.

Yanzu batun da ya fi damun mu: buguwar kai. Yaro ya gwara kai da wani, ya tashi yana tangaɗi, ko yana dafe goshi, ko jiri da amai suka kama shi, ko ya kasa faɗin wa ke cin wasan, to ya gama na yau. Ko bai suma ba. Zai ce maka "Koci, lafiyata ƙalau," yana hawaye don a mayar da shi. Kada ka yarda, ko da wasan ƙarshe ne. Sai likita ya duba shi. Wanda ya faɗi yana kukan wuya ko baya, kada a ɗaga shi, a kira masu agaji a farar rumfa kusa da ƙofar shiga. Mai zubar jini ya fita sai jinin ya tsaya an ɗaure, a sauya rigar da ta ɓaci.

Kowa da gorar ruwansa. Za a tsaya shan ruwa a tsakiyar kowane zagaye. Mai asma ya ba kocinsa abin shaƙarsa tun yanzu.

In aka ji tsawa, usur uku masu tsawo: kowa ya nufi cikin gini, ba gindin bishiya ba. Ba a komawa fili sai minti 30 bayan tsawar ƙarshe.

Babban mutum ba ya keɓewa da yaro a ɗakin sauya kaya, kuma yaro ba ya barin harabar nan sai da wanda ya kawo shi. Masu horarwa, ku zo ku sa hannu.