Benen Gawayi

Maki uku cikin ashirin Sagir ya ci a gwajin ranar Talata, ukun ma Malam Habu ya san na tausayi ne. Abin da ya hana shi ajiye takardar a kan sauran shi ne ɗan rubutun da yaron ya yi a ƙasan tambaya ta huɗu. Tambayar ita ce a nemo limit na (x² − 4)/(x − 2) yayin da x ke dosar 2. Sagir ya sa 2 a gurbin x, ya sami 0/0, ya ja layi biyu a ƙarƙashi, sannan ya rubuta da Hausa: "Malam wannan ba ta da amsa."

Sauran 'yan aji biyar ɗin yawancinsu sun rubuta 4. Malam Habu ya san rabinsu haddace hanyar suka yi, a warware, a soke, a sa lamba, kamar yadda ake haddace karatun da ba a san fassararsa ba. Wannan kuwa ya ƙi hadda, ya kuma faɗi.

Bayan an idar da Azahar, ɗalibai na ta rububin fita ƙofa, ya hango shi yana ɗaure takalmi a bakin masallaci.

"Sagir, zo nan. Kana sauri ne?"

"Baba na jira na a wurin aiki, Malam. Yau ake zuba dakin."

"Ba zan cinye maka lokaci ba. Tef ɗin nan naka yana jaka?"

Yana jaka. Kowa a ajin ya san Sagir ɗan magini ne, Asabar da Lahadi shi ke miƙa bulo da kwaɓa siminti, tafin hannunsa duk ya yi kanta. Malam Habu ya bi ta wajen mai shayin bakin ƙofa ya roƙi gawayi guda biyu, suka zagaya bayan makaranta inda ginin ɗakin gwaje-gwajen nan yake, wanda aka fara shekarun baya aka bari a linta. Ba rufi, ba filasta, awaki ne ke kwana a ciki. Iskar hunturu ta tara leda da busasshen ganyen darbejiya a lungu.

"Faɗa mini abin da ya dame ka da darasin nan. Kar ka ji kunya."

Sagir ya ɗan yi shiru yana murza tef ɗin.

"Malam, ka ce x yana matsowa kusa da 2 amma ba ya zama 2. Sannan ka ce amsa 4 ce. To in bai kai ba, ta ina aka ga 4 ɗin? Ai kamar a ce mutum ya kama hanyar Kano bai isa ba, kuma a ce ya ci kasuwar Kurmi."

Malam Habu ya yi dariya har da tafa hannu.

"Wallahi tambayarka ta fi amsar mutum goma a ajin nan. Auna mini santimita 256 daga wancan lungun, ka bi jikin bangon nan."

Ya auna, ya yi alama da gawayi a ƙasa.

"Bene za ka zana mini a jikin bangon nan, ya doshi wancan bangon na gaba. Sharaɗi ɗaya ne: kowace matakala ta cinye rabin tazarar da ta rage. Tsayinta kuma rabin faɗinta."

"Ta farko 128 ke nan. Tsayi 64." Ya ɗago kai. "Malam, ba maginin da zai yi wannan benen. Wa zai taka matakala mai tsayin santimita 64? Baba ba ya wuce 17 ko 18."

"Na ji. Ba mutane za su hau ba, aljanu ne. Zana."

Ya zana. Hannunsa bai san karkata ba, layin ya miƙe kamar an ja da igiya. Ta biyu 64, ta uku 32, ta huɗu 16. Tun yana tafiya da ƙafa tsakanin matakala da matakala har ya koma tsayawa wuri guda, ya matsa jikin lungun, kafaɗarsa na gogar bangon gaba. Takwas, huɗu, biyu. A ta takwas ya tsaya ya duba gawayin.

"Saura santimita ɗaya, Malam. Gawayin ya fi wurin kauri."

Malam Habu ya zaro fensir daga aljihun gaba ya miƙa masa. Ya ƙara ta tara, ya ƙoƙarta ta goma, daga nan bakin fensirin ma ya cika wurin.

"Ya ƙare."

"Benen ne ya ƙare ko fensirin?"

Sagir ya buɗe baki ya rufe.

"Fensirin."

"To a kanka, ci gaba. Matakala ta nawa ce za ta taɓa bangon?"

"Babu. Ko yaushe rabi ake ɗauka, ko yaushe rabi na saura." Ya juyo da ƙarfinsa, kamar wanda ya kama ɓarawo. "Ka gani, Malam? Abin da nake faɗa ke nan. Ba ya kaiwa!"

"Ba ya kaiwa. Ban taɓa ce maka yana kaiwa ba, in kuwa na faɗa a aji to na yi kuskure. Yanzu wasa za mu yi. Kai ne mai gida, ni ne magini. Kana so ka kunyata ni. Ka zaɓi tazara, duk ƙanƙantarta, ka ce benena ba zai matso bango kusa haka ba."

Sagir ya duba ƙasa, ya tsinci tsinken tsintsiya, ya manna shi a jikin bangon gaba.

"Kaurin wannan."

"Mu ce milimita ɗaya. Bayan ta takwas saura milimita 10. Lissafa."

"Biyar. Biyu da rabi. Ɗaya da kwata." Ya ɗan tsaya. "0.625. Ta goma sha biyu ke nan."

"Ta shige cikin tsinkenka?"

"Ta shige."

"Ta goma sha uku fa? Za ta fito waje?"

"A'a, ciki za ta ƙara yi."

"Duk na bayanta haka?"

"Duka."

"Sake zaɓa."

Ya yage gefen takardar gwajinsa, wajen da aka rubuta uku da jan biro, ya ɗaga ta a tsaye ta gefenta. Malam Habu ya ce su ɗauka kaurinta kashi ɗaya cikin goma na milimita ne. Sagir ya tsuguna yana rabawa a ƙasa da yatsa, ya ce ta goma sha biyar. Ya ce gashin kai. Ya ce rabin gashin kai. Ya ce ƙwayar ƙurar hunturu da ke yawo a hasken taga. Kowane karo Malam Habu cewa yake, "Raba," kuma kowane karo sai an sami matakalar. A na shida Sagir bai ma kawo wani abu ba, ya yi murmushi kawai ya girgiza kai.

"Ba zan ci ka ba, Malam. Duk abin da na kawo, in dai yana da kauri, rabawa za ta wuce shi."

"To wannan da ka faɗa yanzu, shi ne limit. Ba a tambaye ka ko benen ya isa ba. Tambayar ita ce, akwai wurin da yake matsowa kusa da shi fiye da duk tazarar da za a iya ambata, kuma in ya matso ba ya komawa? In akwai, sunan wurin nan ake nema."

Malam Habu ya zaci an gama. Har ya fara kakkaɓe hannu. Amma yaron na tsaye yana kallon lungun, ya haɗe gira.

"Me ya sa sai bangon? Ai yana matsowa kusa da nan ma." Ya sa yatsa a jikin zanen, kamar santimita uku kafin lungu.

"Gwada wasan da wurin."

Ya yi shiru yana bin matakalun da ido.

"Ta bakwai ta wuce shi. Daga nan nisa take ƙara yi da shi." Ya fita ta ƙofar da ba ƙyaure, ya zagaya bayan bangon, muryarsa ta taso daga can. "Nan ma ba zai yiwu ba. Bulon inci tara ne, ba zai taɓa matsowa kusa da nan fiye da inci tara ba." Ya dawo yana kakkaɓe ƙaiƙayi daga wando. "Fuskar bangon ce kaɗai."

Malam Habu bai ce komai ba. Shekararsa goma sha ɗaya yana koyar da wannan babin, bai taɓa kawo wannan tambayar a aji ba, don shi ma sai a shekararsa ta biyu a jami'a a Zariya ya gamu da ita.

"Tsayin fa?" in ji shi. "Ina benen ya dosa a sama?"

"64 da 32 da 16..." Sagir ya ja tef daga ƙasa. "128 zai dosa." Ya yi ɗigo a jikin bangon gaba, daidai wurin.

"Yanzu a ce na kawo kurfi da guduma na fasa wurin ɗigon nan, na yi rami. Wace matakala ce za ta motsa?"

"Babu. Ai ba wadda ta taɓa shi."

"Inda benen ya dosa ya canza?"

"A'a."

"Ɗauko takardarka."

Sagir ya warware ta, ya dubi 0/0 ɗinsa da layi biyu a ƙasa. Ya daɗe yana kallo.

"Ramin ke nan," ya ce a hankali.

"Ba ka yi ƙarya ba da ka ce babu amsa a 2. Babu ɗin. Sai dai ba ita aka tambaye ka ba. Hau benen. Sa 1.9."

Ya yi a bayan takardar: 3.9. Ya sa 1.99, ya sami 3.99. Ba a ce masa ba ya sa 2.01, ya ce wannan ta bayan bango ke nan, ya sami 4.01. Sannan ya warware x² − 4 ta zama (x − 2)(x + 2), ya ɗora fensir zai soke, sai ya dakata.

"Shi ya sa ake iya sokewa. Tunda x bai zama 2 ba, x − 2 ba sifiri ba ne."

"Ka san tun yaushe ake wannan rigimar taka? Wani Bagirke, Zeno, ya tayar da ita sama da shekara 2,400 da suka wuce. Newton da Leibniz sun yi ta aiki da lissafin nan ba tare da sun daidaita maganar ba. Sai a 1821 wani Bafaranshe, Cauchy, ya rubuta ta kusan yadda muka yi wasan nan. Kai mako biyu kawai ka yi a ruɗe."

Wayar Malam Habu ta nuna uku saura kwata. Sagir ya zabura, ya naɗe tef, ya cusa takardar a aljihu.

"Baba zai ce na gudu ne don kar in ɗauki kwano."

"Ka ce masa ni na riƙe ka. Ka gaishe shi."

Ya kai bakin ƙofa ya juyo.

"Malam, in kowace matakala kashi ɗaya cikin uku na abin da ya rage take ci, ba rabi ba, zai doshi bangon?"

"Gobe ka zo mini da amsa."

Yana fita Baba maigadi na shigowa da sandarsa, ya biyo sawun awaki. Ya tsaya ya ƙare wa bangon kallo, daga babbar matakala har zuwa inda zanen ya cukurkuɗe a lungu.

"Malam, yaran nan ba sa jin magana. Dubi yadda suka ɓata bango da gawayi. In na kama wanda ya yi, sai na kai shi ofis."

Malam Habu ya tura baƙin hannunsa cikin aljihun riga.

"A bar shi zuwa Juma'a, Baba. Akwai 'yan aji biyar da zan kawo su gani."