Takardar Ajiye Muƙami Daga Kwamitin Amintattu

Mabera, Sakkwato
Litinin, 13 ga Oktoba, 2025

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Amintattu,
Ƙungiyar Ci Gaban Unguwarmu,
Mabera, Sakkwato.

Ta hannun Sakataren Ƙungiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri a gare ku da sauran 'yan kwamiti, na rubuto wannan takarda ne domin in sanar da ku cewa na ajiye muƙamina na ɗan kwamitin amintattu, tare da aikin mataimakin ma'aji da aka haɗa mini da shi, daga ranar Juma'a, 31 ga Oktoba, 2025. Daga yau har zuwa wannan rana ba zan halarci wani zama da za a tattauna aikin rijiyar burtsatse ba, ba zan kuma sa hannu a kan wata takarda da ta shafe shi ba. Kwanakin da suka rage na bar su ne kawai domin miƙa abin da ke hannuna cikin tsari.

Dalilina ɗaya ne, kuma shi ne wanda na shaida muku da baki ranar Asabar da ta wuce. A cikin 'yan kwangila huɗu da suka kawo takardun farashi domin haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana a filin da ke bayan makarantar Islamiyya, akwai ƙanena, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya. Shagon kayan ruwa da na sola da yake gudanarwa gadon mahaifinmu ne, Allah Ya jiƙansa, kuma har yau ba a raba shi ba, saboda magada sun yi ittifaƙi a bar dukiyar tana juyawa, ana raba riba a ƙarshen kowace shekara. Ina cikin masu karɓar wannan riba. Ke nan idan aikin ya faɗa hannunsa, wani abu daga kuɗin da jama'ar unguwa suka tara zai iso aljihuna, ko da kaɗan ne, alhali ina cikin waɗanda aka damƙa wa amanar kuɗin, kuma sa hannuna na cikin guda uku da banki ya sani. Maslahar gidanmu da amanar ƙungiya sun haɗu a kan abu ɗaya, kuma ba ya kyautuwa mutum ɗaya ya tsaya wa duka biyun.

Kun ba ni shawarar in fita daga ɗakin taro a ranar da za a buɗe takardun farashi, in dawo bayan an yanke hukunci, kamar yadda sashe na 9 na tsarin mulkin ƙungiya ya tanada. Na gode da wannan shawara, na kuma yi nazarinta sosai. Da a ce sayen buhunan siminti ne da za a biya a wuce wurin a rana ɗaya, da fita daga zaman ta wadatar. Amma wannan aiki ba haka yake ba. Bisa ga sharuɗɗan da kwamiti ya tsara, za a biya kuɗin ne kashi uku: na farko idan an gama haƙa an sa bututu, na biyu idan an ɗora tanki an kafa faifan sola da injin jan ruwa, na ƙarshe kuma bayan ruwa ya yi wata uku yana zuwa ba tare da tangarɗa ba. Bayan haka akwai yarjejeniyar kula da gyara ta shekara biyu. A kowane mataki sai kwamiti ya je ya duba, ya ce aiki ya yi ko bai yi ba, sannan ofishin ma'aji ya fitar da kuɗi. Idan ƙanena ne ya samu aikin, zan riƙa fita daga kusan kowane zama har tsawon shekara biyu da 'yan watanni, a kan aikin da ya fi kowane girma a gaban ƙungiya, kuma kujerar da mai ita ba ya iya magana a kan babban aiki gara a ba wa wanda zai iya. Idan kuma wani ne ya samu, duk ranar da na ce tankin yana yoyo ko injin bai kai ƙarfin da aka rubuta ba, za a iya ɗaukar maganata a matsayin ta ɗan'uwan wanda ya rasa kwangila, ko da gaskiya na faɗa. Ta kowace fuska aka duba, ba zan iya sa ido a kan aikin yadda ya kamata ɗan kwamiti ya sa ba.

Na kuma duba yiwuwar in nemi ƙanena ya janye takardarsa. Ban ga ina da wannan haƙƙi ba, domin shagon ba nawa ne ni kaɗai ba. Akwai 'yan'uwanmu mata da marayun yayanmu da ke da rabo a ciki, kuma an gayyaci kowane ɗan kwangila ne a fili, ta sanarwar da aka yi a masallatai aka kuma manna a ƙofar ofishin ƙungiya. Muƙamin kuwa nawa ne, shi ne abin da nake da ikon ajiyewa ba tare da na taɓa haƙƙin kowa ba.

Akwai abu ɗaya da nake so a rubuta a littafin taro. Na halarci zaman watan Agusta da aka tsayar da iyakar kuɗin da ƙungiya za ta iya kashewa a kan aikin, don haka na san adadin. Ban faɗa wa ƙanena ba, ban faɗa wa kowa a gidanmu ba, ban kuma ga abin da ya rubuta a takardarsa ba, wadda ya kai wa sakatare a rufe kamar sauran. Sai dai sauran 'yan kwangila uku ba su da hanyar tabbatar da haka in ba maganata ba, kuma bai kamata a ɗora musu yarda da maganar mutumin da ke da rabo a cikin abin ba. Shawarata, wadda kwamiti ke da ikon ɗauka ko bari, ita ce a bayyana wa duka huɗun adadin a lokaci ɗaya, a ba su mako guda su sake kawo farashinsu, sannan a buɗe takardun a gabansu da gaban mai unguwa da liman. Wannan ita ce magana ta ƙarshe da zan yi a kan kwangilar. Ba na neman a fifita ƙanena, ba na kuma neman a hana shi saboda ni. A auna takardarsa da ma'aunin da za a auna sauran.

Game da miƙa aiki, a hannuna akwai littafin kuɗin wata-wata na gidajen unguwa, da rasit na gudummawar rijiya tun daga watan Janairu, da littafin cak ɗaya da aka fara amfani da shi, da makullin durowar ofis. Na daidaita lissafin da takardar bayanin asusu ta banki har zuwa 30 ga Satumba, na kuma haɗa kwafinsa da wannan takarda. Gidaje goma sha bakwai ba su kammala biyan alkawarin da suka ɗauka ba, kuma sunayensu na shafin ƙarshe na littafin. Wasu daga ciki sun nemi a ɗaga musu ƙafa har su sayar da albasarsu, kuma a ganina uzurinsu abin dubawa ne. Ina roƙon a sa rana kafin ƙarshen wata da ma'aji da mai binciken kuɗi za su zauna da ni su karɓi kayan, kowa ya sa hannu.

Abu biyu ne ba za su yiwu ba sai da ƙudurin ƙungiya. Na farko shi ne cire sunana daga masu sa hannu a asusun banki, wanda ke buƙatar takarda daga kwamiti tare da sunan wanda zai maye gurbina. Gara a gaggauta wannan, domin idan aka bar mutum biyu kawai, tafiyar ɗayansu ko rashin lafiyarsa za ta tsayar da biyan kuɗi, ga shi ana son ruwa ya fara zuwa kafin zafin Maris da Afrilu, lokacin da 'yan garuwa ke tsawwala farashi. Na biyu shi ne sanar da Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa. Tun da ƙungiyarmu na da rajista a matsayin mai amintattu ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, sauya amintacce sai da ƙudurin babban taro, da sanarwa a jarida, da kuma shigar da takardu a hukumar. Wannan kan ɗauki lokaci, saboda haka sunana zai ci gaba da kasancewa a takardar rajista na ɗan wani lokaci bayan 31 ga Oktoba. A tsawon wannan lokaci ba zan yi wani aiki da sunan amintacce ba, in ban da sa hannu a kan takardun da za su tabbatar da fitata, kuma duk ranar da sakatare ya neme ni domin haka zan zo.

Ina so a fahimci cewa ajiye wannan muƙami ba shi da nasaba da wani saɓani tsakanina da kowa. Ba ni da ƙorafi a kan shugabanci, ko a kan yadda aka tsara aikin, ko a kan wani ɗan kwamiti. Idan aka zo karanta wa babban taro, ina roƙon a karanta takardar yadda take, domin jama'a su ji dalilin daga bakina, kada a bar wa zaman majalisa ya cike gurbin da abin da ba shi ne ba.

Zan ci gaba da zama ɗan ƙungiya, ina biyan kuɗin wata kamar kowa, kuma ragowar gudummawar da na yi alkawari ta rijiya zan kai wa ma'aji kafin in miƙa littafin. Aikin gayya na yashe magudanan ruwa kafin damina, da karɓa-karɓar kula da maƙabarta, duk ina ciki kamar da. Ina godiya a gare ku, Alhaji, da sauran 'yan kwamiti, da iyayenmu dattawan unguwa da suka ga dacewar a ba ni wannan amana tun 2021. Ina fatan za a amince da wannan takarda a zama na gaba, a kuma ba ni amsa a rubuce domin in ajiye. Allah Ya sa a gama aikin lafiya, Ya ba wanda zai gaje ni ikon riƙe amana.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Malam Umaru Mabera
Ɗan Kwamitin Amintattu kuma Mataimakin Ma'aji

Kwafi zuwa ga: Ma'ajin Ƙungiya, Mai Binciken Kuɗi, da Mai Unguwa.