Jadawalin bitar Auta na mako-mako, daga nan har ranar jarrabawa

Auta ga jadawalin nan, ka kwafe shi a takarda ka manna a bangon ɗakinka, kar ka bar shi a waya don na san ka, da ka buɗe wayar shi ke nan. Sati shida ya rage. Na duba sakamakonka na zangon da ya wuce, lissafi da kemistiri ne ke ja maka baya, shi ya sa su suka kwashe lokacin safe, kar ka ce na yi son kai.

Kullum zama uku ne, Litinin zuwa Alhamis: 5:30 zuwa 6:30 na safe, 4:30 zuwa 6:00 na yamma, sai 8:30 zuwa 9:30 na dare. Duk minti 40 ka tashi ka miƙe ƙafa na minti 10. Ƙarfe 10:00 a kashe fitila.

LITININ
Safe: lissafi, kwadiratik. Ka rubuta x = (−b ± √(b² − 4ac)) / 2a da ka, ba leƙe, sannan ka warware tambaya biyar. Wajen alamar ragi kake faɗuwa kullum, musamman in b ɗin da kanta tana ɗauke da ragi, to a nan za ka rage gudu.
Yamma: bayoloji, zuciya da zagayen jini. Zana zuciyar da ɗakunanta huɗu, sa sunaye, sai ka buɗe littafi ka ga me ka manta.
Dare: Turanci, fahimtar rubutu guda ɗaya.

TALATA
Safe: kemistiri, lissafin mol. n = m/M, da 6.02 × 10²³, da 22.4 dm³ na mol ɗaya na gas a STP. Waɗannan ukun in ba su zauna ba sauran duk wahala ce, don taitireshan ma a kansu yake tsaye, saboda haka ko sati biyu za ka yi a nan ban damu ba.
Yamma: fiziks, motsi. v = u + at da s = ut + ½at². Kafin ka taɓa kalkuleta ka jera abin da aka ba ka da abin da ake nema, kuma kar ka bar amsa ba yunit, maki ne kake zubarwa a banza.
Dare: koma kan kwadiratik ɗin jiya, tambaya uku kawai.

LARABA
Safe: lissafi, tirigonometiri.
Yamma: insha'in Turanci, ka sa agogo ka rubuta guda cikakke, wannan satin wasiƙa, sati mai zuwa muhawara.
Dare: darussan da kake ganin ka iya. Eh na san kana cin su, amma wanda aka raina shi ke ba da kunya a zauren jarrabawa.

ALHAMIS
Safe: kemistiri, daidaita ikweshan da jadawalin sinadarai, ashirin ɗin farko daga H zuwa Ca.
Yamma: fiziks, lantarki, V = IR da zanen sakit.
Dare: bayoloji, gado, gwajin Mendel da yadda 3:1 ke fitowa. Ka zana akwatin Punnett, na haɗa gadon iyaye, da hannunka.

JUMA'A
Safe kawai, kuma ba sabon abu. Ɗauko littafin kurakurai, wato ƙaramin littafin da za ka riƙa rubuta duk tambayar da ka faɗi a satin da dalilin faɗuwar, ka sake yin su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta sake kayar da kai ka sa mata alama ka kai wa malaminku ranar Litinin. Yamma da dare naka ne, je ka buga ƙwallonka.

ASABAR
Wannan ce babbar rana. 9:00 na safe ka zauna da takardar tambayoyin shekarun baya guda ɗaya cikakkiya, iya lokacin da aka rubuta a samanta, ba littafi ba waya ba tashi shan ruwa sau goma, kamar dai kana gaban mai sa ido. In ka gama ka huta awa biyu sannan ka yi wa kanka maki da jan biro tsakani da Allah. Sati na farko lissafi, na biyu kemistiri, haka har su zagayo. 4:30 na yamma bitar firaktikal, karanta ma'auni da zana giraf.

LAHADI
Hutu har yamma. 5:00 zuwa 6:00 ka rufe komai ka faɗa wa wani abin da ka koya a satin da bakinka, ko ni ka kira ni, inda ka yi tuntuɓe shi zai shiga dare na Talata mai zuwa.

In rana ta kuɓuce maka kar ka ɗora ta kan ta gobe, wuce kawai, Juma'a da yamma ka biya. Kuma da zarar jadawalin jarrabawar ya fito ka turo min, don satin ƙarshe sai mun juya komai ya bi jerin takardun.