Takardar duba haɗari kafin darasin guje-guje da tsalle-tsalle

Wuri: filin bayan ajujuwa, makarantarmu ta unguwar Garin Malam, Damagaram
Aji: na biyu a kolej, yara 56 (maza 30, mata 26)
Lokaci: Talata, ƙarfe 8 zuwa 9 da rabi na safe, mako na biyu da dawowa daga hutun damina
Masu kula: malamin wasanni, mataimakinsa da mai gadi
Aiki: gudun mita 60, dogon tsalle, jifan dalma

Ba a fito da yara sai malamin wasanni ya taka filin da ƙafarsa a safiyar ranar. Dubawar jiya ba ta wadatar ba, domin filin ba shi da katanga ta gabas, dabbobi da babura suna ratsa shi dare da rana.

1. Ƙasar filin (haɗari babba)
- A bi layin gudu taku-taku, zuwa da dawowa. Ruwan damina ya zaizaye tsakiyar filin ya bar rariya daga arewa zuwa kudu. A ja layin mita 60 a gefenta ta yamma, kada ya ƙetare ta.
- Duk ramin da ya kai zurfin yatsa a cike shi da jar ƙasa, a yayyafa ruwa, a daɓe. Rairayi kaɗai ba ya cika rami: ido zai ga ya daidaita, amma ƙafa na takawa sai ta nutse, nan ake samun targaɗe.
- Inda tauri ya haɗu da rairayi ya fi ko'ina kayar da mai gudu, don ƙafa ta saba da tauri sai ta ji ƙasa ta sake ta. Layin ya tsaya kan ƙasa iri ɗaya daga farko har ƙarshe.
- Kawunan duwatsun da suka leƙo ta kudu ba sa haƙuwa, jijiyarsu na ƙasa. A zagaye su da toka, a bar mita 3 tsakaninsu da layi.
- Bayan layin ƙarshe a bar mita 15 babu bango, babu icce, don mai gudu ya rage sauri.
- A share ƙarangiya, tsidau, ƙayar aduwa, kwalba, ƙusa da gwangwani. Yawancin yaranmu ba su da takalmin gudu. Silifa ba a gudu da ita ko kaɗan. Wanda zai gudu ba takalmi sai an sake sharar layinsa.

2. Ramin tsalle (babba)
- A tone yashi da shebur zurfin santimita 30, a tsince tsakuwa. Yashin da ya kwana damina ya daskare, wanda ya dira a kansa idon sahu da gwiwa za su sha.
- Ana juya yashin da manjagara, ba da hannu ba, saboda kunama. Bayan kowane tsalle a baje shi, a aje manjagara nesa, haƙoranta suna duban ƙasa.
- Ɗaya bayan ɗaya, sai malami ya ɗaga hannu.

3. Jifan dalma (babba)
- Kilo 3 ga ƴan mata, kilo 4 ga maza. A jefa ta wajen tudu, don a gangare dalma na mirginawa ta iske ƙafafun masu kallo.
- Masu jira su zauna mita 5 bayan mai jifa. Ba a ɗauko dalma sai an ba da izini, kuma da hannu ake maido ta, ba a jefo ta.

4. Zafi da ruwa (matsakaici yanzu, babba a Afirilu da Mayu)
- Jarka uku masu lita 25, a ɗebo tun Litinin da yamma. Famfon unguwa ba abin dogaro ba ne da safe.
- Hutun sha kowane minti 20, a inuwar dogon yaro.
- In hazo ya rufe har ƙarshen filin ba ya ganuwa sosai, an soke gudu.

5. Yaran kansu
- A tambayi wanda bai karya kumallo ba, da wanda ya tashi daga zazzaɓi. Masu amosanin jini biyu da mai fuka ɗaya su riƙe agogo da igiyar awo yau, mai fuka da maganinsa a aljihu.
- Motsa jiki minti 10 kafin komai. Lulluɓi mai ja a soke shi cikin riga, a cire fil.
- Mai gadi ya tsaya gabas ya tare kabu-kabu da awaki.

6. In abu ya faru
- A akwati: bandeji, auduga, sabulu, maganin wanke rauni, safar hannu, ƙullin ruwan gishiri da sukari.
- Targaɗe: a zaunar da yaro, a ɗaga ƙafar, a sa ƙanƙara cikin zane minti 15. Kada a ja, kada a murza.
- Yaron da ya rikice ko ya faɗi don zafi: inuwa, a jiƙa jikinsa da ruwa, a yi masa fifita. In bai farfaɗo ba kada a ɗura masa komai a baki.
- Saran maciji: ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗauri. A hana gaɓar motsi, a ɗauke shi.
- Karaya, buguwar kai, suma ko sara: a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18, ko a wuce da shi babban asibitin Damagaram. Mataimaki ya zauna da sauran aji, darakta ya sanar da iyaye.

Hukuncin yau: gudu da jifa za a yi. Dogon tsalle an ɗage shi zuwa Talata mai zuwa, don ramin bai kai zurfi ba, sai an kawo amalanke biyu na yashi.